Rancen Ƙungiya Babu Jingina: In Sa Hannu Tare da Ƙanwar Maigidana?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a wani gari kusa da Kano, kuma shekara shida ke nan ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Tiya-tiya nake sayen gyaɗa, wani lokaci ma bashi nake karɓa, kuma ribata a mako ba ta wuce naira 12,000. Na taɓa zuwa banki neman rance, aka ce in kawo takardar fili ko ma'aikacin gwamnati da zai tsaya mini, ga shi ba ni da ko ɗaya. Yanzu wani ƙaramin banki ya turo jami'insa unguwarmu, ya ce mu haɗu mu biyar a ba kowace naira 200,000 babu jingina, mu biya cikin mako 24 da ruwa kashi 4 cikin ɗari a wata. Za a cire naira 6,000 kuɗin fam da inshora, a kuma riƙe naira 20,000 a matsayin ajiya sai mun gama biya. Sharaɗin shi ne idan ɗaya ta kasa, sauran su biya mata. Burina in sayi buhunan gyaɗa a Dawanau yanzu da kaka. Matsalar ita ce ƙanwar maigidana ta ji labari ta ce lallai da ita, alhali na san kayan ɗakin 'yarta za ta saya da kuɗin, kuma ta taɓa ɗaukar adashinmu ta yi wata uku tana yi mana yawo da zubi. Maigidana ya ce shi hankalinsa bai kwanta da kuɗin ruwa ba, kuma ba ya son a zo masa ƙofar gida neman bashi, amma ya ce idan na hana ƙanwarsa in san abin da zan gaya wa mahaifiyarsu. Ranar Alhamis aka ce mu sa hannu. Na rasa yadda zan yi.

Wata matar aure, daga jihar Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya sa albarka a sana'arki, Ya raya miki zuri'a. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki sa hannu ranar Alhamis ɗin nan. Ban ce ki rufe ƙofar gaba ɗaya ba, domin mata da yawa sun ɗaga sana'arsu ta wannan hanya, kuma burin da kike da shi na daina sayen tiya-tiya buri ne na mai hankalin kasuwanci. Amma takardar da aka ba mutum kwana uku ya yanke shawara a kanta, alhali za ta ɗaure shi wata shida da bashin mutum huɗu bayan nasa, ta cancanci a ɗaga mata ƙafa. Bankin da yake son ki a wannan makon zai so ki a mako mai zuwa.

Ya kamata ki fara gane abin da kalmar "babu jingina" take nufi a bakin mai ba da rance. Babban banki yana neman takardar fili ne saboda bai san ki ba, bai san ko kina tashi da asuba ki soya gyaɗa ko kina kwance har hantsi ba, kuma idan kika ƙi biya, kuɗin da zai kashe wajen bin ki zai iya fin bashin yawa. Maƙwabtanki kuwa sun san duk wannan ba tare da sun kashe ko kwabo ba. A kan wannan hikimar aka gina rancen ƙungiya. Muhammad Yunus ya fara gwada ba talakawa rance a ƙauyen Jobra na ƙasar Bangladesh a shekarar 1976, inda ya ranta wa mutum 42 kuɗin da jimillarsa ba ta wuce dala 27 ba, daga nan aka kafa Bankin Grameen a 1983 da tsarin ƙungiyoyin mutum biyar-biyar. A Najeriya ma cibiyoyi irin su LAPO da DEC ta Bauci sun daɗe suna aiki da mata ƙungiya-ƙungiya. Abin da tsarin yake yi shi ne ya ɗauke wa banki aikin tantance wanda ya cancanta, da aikin sa masa ido, da aikin karɓo kuɗi idan ya yi nauyin biya, ya ɗora su a kan 'yan ƙungiyar. Saboda haka akwai jingina, sai dai ba fili ba ne. Abin da kike jinginarwa shi ne ajiyarki ta naira 20,000, da sunanki a unguwa, da damar sake samun rance nan gaba, da kuma zaman lafiyarki da mutum huɗun da kuka sa hannu tare. Filin da aka jinginar ana iya sayen wani idan ya salwanta, amma zumuncin gidan miji idan ya tsage, ɗinkinsa yana da wuya.

Yanzu mu zauna mu yi lissafin kuɗin, domin a nan ne aka fi yi wa mata rufa-ido, sau da yawa ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Kashi 4 cikin ɗari na naira 200,000 shi ne naira 8,000, kuma a irin wannan rance yawanci ana lissafa shi ne a kan cikakken kuɗin tun daga watan farko har na shida, ko da kin riga kin mayar da fiye da rabi. Wato ruwan zai zama naira 48,000, jimillar abin da za ki biya naira 248,000, wanda idan aka raba shi gida 24 zai kama kusan naira 10,330 a kowane mako. Idan aka haɗa da kuɗin fam da inshora, tsadar rancen ta zama naira 54,000. Abin da zai shigo hannunki ranar farko kuwa naira 174,000 ne, kuma ba za ki riƙe shi wata shida ba, domin tun daga mako na biyu zai fara komawa. A mako na goma sha biyu rabin uwar kuɗin ya riga ya koma banki, amma ruwan yana nan yadda yake. Idan aka auna abin da kike biya da kuɗin da yake hannunki da gaske a tsawon lokacin, tsadar ta kai kusan kashi 10 cikin ɗari a wata, ninki biyu da rabi na abin da aka faɗa muku. Ki tambayi jami'in kai tsaye ko ruwan a kan uwar kuɗin yake ko a kan abin da ya rage, ki kuma ce ya rubuta miki a takarda nawa za ki karɓa a hannu, nawa za ki biya kowane mako, da nawa ne jimilla. Ban ce bankin azzalumi ne ba, domin aika jami'i unguwa-unguwa kowane mako don karɓar 'yan dubbai yana da tsada, kuma shi ya sa ƙananan rance suka fi manya tsada a ko'ina. Amma ke ce za ki biya, don haka ke ya kamata ki san ainihin farashin.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce ko kuɗin zai haifar miki da ƙarin ribar da ta wuce naira 54,000 cikin mako 24, wato sama da naira 2,250 a kowane mako, bayan ribar da kike samu yanzu. Ki lura na ce ƙari, domin ribarki ta yanzu tana da masu jiranta, daga cefane zuwa kuɗin makarantar yara. Idan sayen buhu ya rage miki tsadar gyaɗa, kuma kika iya ƙara yawan abin da kike sarrafawa har ribarki ta ƙaru da naira 6,000 a mako, to a ƙarshen zango kin tara naira 144,000, a cire tsadar rance, ki tsira da naira 90,000 wadda ta zama jarinki na kanki. Wannan ciniki ne mai kyau. Idan kuwa ƙarin bai wuce naira 2,000 a mako ba, to kin yi wa banki aikin wata shida har kin ƙara masa daga aljihunki. Abin da zai bambanta waɗannan biyun shi ne sanin inda sana'arki take maƙalewa. Ki tambayi kanki da gaskiya: a watan da ya wuce, sau nawa mai saye ya zo ya tarar babu mai ko babu ƙuli kika mayar da shi? Masu tsire da masu shago nawa ne suka ce ki ƙaro musu kika kasa? Idan kayanki suna ƙarewa kafin masu saye su ƙare, to jari ne matsalarki kuma rance zai yi miki magani. Idan kuwa galan ɗin mai yakan kwana uku yana jiran mai saye, ko kuma ƙarfin hannunki da layin injin markaɗe ne suke iyakance ki, to ƙarin gyaɗa zai ƙara miki kaya ne kawai a ɗaki.

Akwai kuma wani saɓani tsakanin shirinki da tsarin biyan da nake so ki gani. Sayen gyaɗa da kaka don a ci moriyar araha dabara ce ta ajiya, wadda ribarta takan fito bayan watanni, lokacin da kaya suka yi ƙaranci a kasuwa. Biyan mako-mako kuwa an tsara shi ne don kuɗin da yake juyawa kowane mako. Buhun da yake jingine a bango ba ya biyan naira 10,330 ranar taron biyan bashi, sai dai ki biya daga ribarki ta yau da kullum, wadda za ta rage miki ƙasa da naira 2,000 ta hidimar gida. Ga kuma haɗarin gyaɗar da ba ta bushe sosai ba ta yi hunhuna, ko ƙwari su shiga, ko a samu shekarar da farashi ya ƙi tashi bayan kaka, wanda masu ajiyar hatsi sun sha gani. Shawarata ita ce idan har za ki karɓa, ki karɓi abin da za ki iya sarrafawa ki sayar cikin mako huɗu zuwa shida, ki sake saro wani da cinikin. Rabin kuɗin, wato naira 100,000, biyansa kusan naira 5,170 ne a mako, kuma wannan adadi ne da za ki iya ɗauka ko da yaro ya kwanta rashin lafiya kin yi mako guda ba ki hura wuta ba. Jami'in zai iya nuna miki cewa ƙin karɓar duka asara ce, amma wadda ta biya ƙaramin rance lafiya ita ake kira a ba ta babba a zango na gaba.

Sai maganar ƙanwar maigidanki, wadda na san ita ce ta fi hana ki barci. Ina so ki fara kallonta da idon rahama, domin uwar da aurar da 'ya ya taso mata, ga gado da katifa da kayan kicin, ga idon dangi da na surukai, tana cikin matsin da duk wata uwa ta sani. Ba lallai ne tana da niyyar cin kuɗin kowa ba. Sai dai niyya ba ta biyan bashi, kuma kayan ɗaki ba sa kawo ko naira ɗaya ranar taro. Mu ɗauka ta yi ƙoƙari ta biya mako goma daga abin da ta rage a hannu da gudunmawar biki, sannan ta tsaya. Abin da ya rage a kanta zai kai kusan naira 144,600, a cire ajiyarta, saura kusan naira 124,600, wanda idan aka raba muku ku huɗu kowace za ta ɗauki sama da naira 31,000. Wannan kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin uku na ribar da muka lissafa miki a yanayi mafi kyau. Kuma nauyin ba zai tsaya a kan kuɗi ba, domin sauran mata ukun za su ce ke kika kawo ta, su zuba miki ido ki karɓo, alhali ke ce mutum ta ƙarshe a duniya da za ta iya tsayawa ƙofar ɗakinta ta ɗaga murya. Tsarin ƙungiya yana aiki ne idan kowace tana jin kunyar sauran kuma sauran suna iya matsa mata. Tsakanin mace da dangin mijinta, kunyar a gefe ɗaya take, shi ya sa masu ba da irin wannan rance da yawa, tun daga Grameen, suke hana 'yan gida ɗaya zama a ƙungiya ɗaya. Ki tambayi jami'in ko su ma suna da wannan ƙa'ida, domin idan akwai ta, ta ɗauke miki rabin nauyin.

Ko babu ita, bai kamata hanin ya fito daga bakinki ke kaɗai ba. Ku zauna da sauran matan ku kafa sharaɗin da zai hau kan kowa, har da ke: ba a shiga sai da sana'ar da take gudana aƙalla wata shida, sai an je an ga kayan sana'ar da ido, kuma kuɗin sana'a kaɗai za a saka shi. Da wannan, ƙa'ida ce ta hana ta, ba matar yayanta ba. Sannan kada ki bar ta da hannu wofi, domin buƙatarta gaskiya ce ko da hanyar da ta zaɓa ba daidai ba ce. Kayan ɗakin 'ya nauyi ne na dangi, kuma hanyarsa ita ce gudunmawa da rancen 'yan'uwa wanda ba shi da ruwa ba shi da ranar taro. Idan kina da hali, ki ɗauki wani abu daidai ƙarfinki ki kai mata da kanki tun kafin maganar hanin ta iso gare ta. Naira 10,000 da kika bayar kyauta da fara'a ta fi miki sauƙi nesa ba kusa ba a kan naira 31,000 da za a ƙwace miki da ɓacin rai. Abu ɗaya da nake roƙon ki da babbar murya shi ne kada ki yarda ki karɓi rancen da sunanki ki miƙa mata, ko ku raba, komai lallashin da za a yi miki. Banki sunan da yake kan takarda ya sani, da lambar BVN ɗin mai sunan, kuma idan aka shigar da ke cikin rajistar waɗanda suka ƙi biyan bashi, tabon zai bi ki zuwa duk bankin da kika je.

Maigidanki kuwa ya faɗi magana biyu da ba sa tafiya tare, kuma ina ganin bai lura ba. Wanda ba ya son a zo masa ƙofar gida neman bashi shi ya fi kowa buƙatar a hana ƙanwarsa shiga, domin ranar da ta kasa biya, gidansa za a fara zuwa kafin nata. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ajiye masa lissafin nan a takarda, ki nuna masa adadin da zai faɗo kanku, sannan ki roƙe shi cikin ladabi ya zama shi ne zai yi wa mahaifiyarsu bayani. Maganar da ɗa zai faɗa wa uwarsa a wuce wurin, idan suruka ta faɗe ta sai ta zama abin tunawa shekara goma. Kuma ki sani, shiga irin wannan bashi ba tare da cikakkiyar yardarsa ba kuskure ne ko da lissafin ya yi kyau, domin irin waɗannan bankuna sukan nemi miji ko wani ɗan'uwa ya sa hannu a matsayin mai tsayawa.

Damuwarsa game da kuɗin ruwa ma kada ki ɗauke ta a matsayin neman hana ruwa gudu. Allah Ya halatta ciniki Ya haramta riba, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 275, kuma abin da malamanmu suka tafi a kai shi ne ƙarin da aka sharɗanta a kan rance riba ne, ko da an canza masa suna. Tsaya wa juna kuwa halal ne, sai dai hadisi ya tabbatar da cewa wanda ya tsaya wa wani shi ne mai biya, wato dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku ɗauki takardar yarjejeniyar ku kai wa malamin da kuka amince da iliminsa ya duba muku. Ni a ganina, idan zuciyar ɗayanku ba ta natsu ba, ku nemi wata hanyar, kuma akwai ta. Babban Bankin Najeriya yana ba da lasisi ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, manya irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, da ƙanana masu hulɗa da masu ƙaramin jari. A tsarin murabaha, bankin ne zai sayi buhunan gyaɗar su zama mallakarsa, sannan ya sayar miki da ribar da kuka amince tun farko, ki biya kaɗan-kaɗan, kuma farashin ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla. Kada ki zaci lallai ya fi araha, wani lokaci tsadar takan zo kusan ɗaya, don haka lissafin da muka yi a sama yana nan daram. Alamar da za ki gane murabaha ta gaskiya ita ce bankin ya mallaki kayan kafin ya sayar miki. Idan tsabar kuɗi aka miƙo miki aka ce ki dawo da fiye da haka, to suna kawai aka sauya.

Hanyar da ta fi kwanta mini a rai game da ke kuwa daga maƙwabtanmu ta fito. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara, kuma daga can ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Adashi ne aka yi wa gyara. Mata 15 zuwa 25 suke haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi a akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana hannun ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Bambancinsa da adashi shi ne ba a jiran layi ya zo kan mutum. Mai buƙata takan ranci abin da ya kai ninki uku na ajiyarta ta mayar cikin 'yan watanni, a ƙarshen shekara kuma a fasa akwati kowace ta ɗauki rabonta. Idan ku ashirin ne kuna zuba naira 1,000 kowace, a mako goma akwatinku ya tara naira 200,000. Ke kuma idan kika daure kina zuba naira 3,000, a mako goma sha biyu kina da naira 36,000, wadda za ta ba ki damar rancen sama da naira 100,000. A tsarin na asali matan sukan sa wa kansu ɗan ƙari a kan rance wanda suke rabawa a ƙarshe, amma tun da ku ne masu kafa dokar, kuna iya cire shi, ko ku riƙa sayen kaya da kuɗin akwati kuna sayar wa mai buƙata da riba sananniya. Ba zan ɓoye miki aibinsa ba: yana da jinkiri, kakar bana za ta wuce ki, kuma kuɗinsa ba ya wuce ƙarfin masu zubi. Amma babu baƙon da zai zo ƙofar gidan maigidanki, kuma littafin zubin shekara guda hujja ce mai ƙarfi da za ki nuna wa kowane banki daga baya. A wannan lokacin ma kina iya neman rance ke kaɗai, domin tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta ba da damar jinginar da kadarori masu motsi, kamar injin markaɗe ko keken ɗinki ko dabbobi, a yi musu rajista ba sai da takardar fili ba.

Idan bayan duk wannan ku biyun kuka ga ku ci gaba da wannan bankin ko wani irinsa, to ki tabbatar da wanda kike hulɗa da shi. Ki je ofishinsu da ƙafarki, ki ga lasisin Babban Banki da shaidar hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa mai ajiya a ƙaramin banki har naira miliyan 2. Wannan ba tsoro ne na banza ba, domin a shekarar 2010 kaɗai an soke lasisin ƙananan bankuna 224. Duk wanda ya ce ku fara tara masa kuɗin rajista ko ajiya a hannunsa ko a asusunsa na kansa kafin rance ya fito, ku rabu da shi, an sha wanke mata da wannan dabarar. Jami'in kirki ma yana da adadin mutanen da ake so ya kawo kowane wata, shi ya sa yake gaggawa, don haka ki girmama shi amma kada ki ɗauki gaggawarsa ta zama taki. Ki tambaye shi abin da inshorar take biya, ko mutuwa kaɗai ce ko har da gobara da doguwar jinya, da tarar da ake ci idan an makara kwana ɗaya, da ko za a taɓa ajiyarki saboda bashin wata 'yar ƙungiyar, da ranar da za a mayar miki da ita. Ki kuma tambaya ko suna da tsarin da ake taro tare amma kowace bashinta a kanta yake, domin akwai masu ba da rance da suka koma haka.

A cikin ƙungiyar kuma ku ajiye asusun ko-ta-kwana, ko da naira 500 ce kowace a mako, don cike giɓin wadda haihuwa ko rasuwa ko jinya ta tsayar, kuma ku rubuta tun ranar farko cewa abin da aka biya wa mutum bashi ne a kansa, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi. Kowane biya a shigar da shi a katinki a gabanki, jami'i ya sa hannu. Matsala ba ta faɗowa rana ɗaya, tana da alamu: mace ta fara aiko yarinya da kuɗi maimakon ta zo da kanta, ko ta kawo biyan bai cika ba mako biyu a jere, ko ki ga tukunyar sana'arta ta kwana biyu a kife, ko ki ji ta shiga wata ƙungiyar a wani bankin. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin mai cin sabon bashi don ta biya tsoho ta riga ta faɗa rami, kuma za ta ja ku. Ranar da kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku je ku same ta a ɗakinta cikin sirri da mutunci ku ji abin da ya faru, ku kuma sanar da jami'in da wuri a nemi sassauta mata biya, tun bashin bai taru ba.

Ranar Alhamis ki je taron kamar kowa, ki gaishe da jami'in, ki ce masa kina son kwafin yarjejeniyar ki tafi da shi gida, kuma za ki ba shi amsa bayan mako biyu. A cikin makonnin nan ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta gyaɗar da kika saya, da kuɗin markaɗe da itace, da abin da kika sayar, da duk mai sayen da kika mayar saboda kaya sun ƙare. Ki zagaya wurin masu tsire da masu shagon da kike kai wa, ki ji nawa kowanne zai ƙara karɓa a mako idan kin kawo. Idan kin haɗa waɗannan, ki sake rubuto mini da alƙaluman mu duba tare ko naira 100,000 ce ta dace da ke ko akwatin mata. Ki gaishe mini da maigidan da yaran.